Saƙon da aka goge yana nan a tarihin sanarwa? Abin da dabarar ke kamawa da abin da ke kuɓuce mata

Kowa ya san haushin buɗe WhatsApp ya tarar da "This message was deleted" a gurbin maganar da aka turo masa. Shi ya sa dabarar leƙa tarihin sanarwa ta yi farin jini, har wasu na tallata ta kamar wata hanyar dawo da duk abin da aka goge. Dabarar gaskiya ce, tana aiki, amma ba ta dawo da komai daga cikin WhatsApp. Abin da take nuna maka kwafi ne da wayar ta ajiye tun lokacin da saƙon ya shigo. Wanda ya riƙe wannan zai iya faɗa da kansa, tun kafin ya duba, ko zai samu saƙon ko ba zai samu ba.

Idan aka turo maka saƙo, yana zuwa ne a kulle, ta yadda babu mai iya karanta shi a kan hanya. Manhajar da ke wayarka ce ke buɗe shi, ta ajiye a rumbunta. Idan ba ka cikin hirar a wannan lokacin, sai ta ɗauki sunan mai saƙon da rubutun, ta miƙa wa Android domin ya nuna maka a saman allo. Da zarar ta miƙa, rubutun ya zama yana wuri biyu: ɗaya a hannun manhajar, ɗaya a hannun tsarin wayar. Lokacin da mai saƙon ya danna "Delete for everyone", umarni ne yake turowa zuwa manhajar da ke wayarka cewa ta cire saƙo kaza. Ita kuma ta bi umarni, ta share nata, ta janye sanarwar daga saman allo ko ta sauya rubutunta. Amma abin da Android ya riga ya rubuta a tarihinsa, umarnin bai kai can ba. Kamar baƙon da ya fasa ziyara ya juya ne bayan mai gadi ya riga ya rubuta sunansa a littafin ƙofa.

Saboda haka tambayar da ya kamata mutum ya yi ita ce: wayata ta nuna wannan saƙon a matsayin sanarwa kafin a goge shi, kuma da wane rubutu ta nuna shi?

Inda tarihin yake

Google ya shigo da wannan tsari a Android 11, wanda ya fito a 2020. A yawancin wayoyi ana shiga Settings, sai Notifications, sai Notification history, a kunna maɓallin Use notification history. A wayoyin Samsung ya ɗan ƙara lumewa ciki: Settings, Notifications, Advanced settings, sannan Notification history. Kamfanoni kan sauya wa abubuwa wuri, don haka hanya mafi sauƙi ita ce ka rubuta Notification history a akwatin bincike na Settings. Idan wayar na da shi, za ta kai ka.

A nan ne mutane da yawa ke cin karo da bango na farko. A mafi yawan wayoyi maɓallin a kashe yake zuwa, kuma kunna shi ba ya waiwayar baya. Wanda ya ga an goge saƙo yanzu, ya ruga ya kunna, shafi zai tarar fayau, domin daga wannan minti ne wayar ta fara rubutawa. Akwai kuma tarko a ɗaya ɓangaren: idan ka kashe maɓallin, abin da aka tara yana gogewa. Kada ka ce bari in kashe in sake kunnawa ko zai gyaru, alhali abin da kake nema yana ciki.

Tsawon ajiyar awa 24 ne. Tsohon abu yana zubewa a baya yayin da sabo ke shigowa, kuma a tsarin Android na asali babu wurin da za ka ƙara wa'adin. Kashe waya da kunna ta ba ya share wannan tarihin, amma cire manhaja daga wayar yana tafiya da nata sanarwoyin.

Wayoyin da ba su kai Android 11 ba suna da wani tsohon abu mai suna Notification log, wanda ya samo asali tun Android 4.3 a 2013. Ana kai wa gare shi ta hanyar ɗora gajeriyar hanyar Settings a fuskar waya, a zaɓi Notification log daga jerin da zai fito. Shi ba a gina shi don talakan mai waya ba. Sanarwoyi kaɗan na baya-bayan nan yake riƙewa, a wasu wayoyin sai ka tono rubutun a layin da ya fara da android.text, yakan datse dogon saƙo, kuma kashe waya na share shi. Wasu kamfanonin ma sun ɓoye shi gaba ɗaya.

Saƙo shida, sakamako shida

Mu ɗauka kana da wayar Android 13, tarihin sanarwa a kunne tun makon jiya. Wani abokin aikinka ya turo maka saƙonni a ranar Litinin, daga baya ya bi su ya goge. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko ya shigo da ƙarfe 9:14 na safe, wayar na aljihu, data a kunne: "An mayar da taron gobe ƙarfe 3, ka sanar da sauran." Ya goge shi da 9:16. Wannan shi ne saƙon da dabarar ta fi iya kamawa. Ka shiga Notification history, ka duba sashen awa 24 da suka wuce, ka taɓa WhatsApp domin jerin ya buɗe. Za ka ga sunansa kamar yadda ka ajiye shi a wayarka, da rubutun, da lokacin. Wani lokaci ma za ka ga layi biyu, na ainihin saƙon da wani mai cewa an goge saƙo, domin manhajar ta sabunta sanarwar kuma wayar ta ɗauki sabuntawar a matsayin sabon abu.

Na biyu ya zo da 9:40, kana tsaka da hira da shi, shafinsa a buɗe a gabanka. Ka ɗaga kai ka amsa wa wani magana, kafin ka dawo da idonka ya goge. Wannan babu shi a tarihi. Manhaja ba ta sanar da kai abin da take ganin kana kallo, don haka ba ta miƙa wa Android komai ba. Abin ban haushi ne cewa saƙon da ya fi kusa da idonka shi ne wanda babu alamarsa.

Na uku saƙon murya ne na sakan 12. A tarihi za ka ga alamar makirufo da rubutu irin "Voice message (0:12)". Ka san ya turo murya, ka san tsawonta, shi ke nan. Haka hoto da bidiyo da sitika: suna kawai ake rubutawa, domin tarihin rubutu yake ajiyewa. Sai dai idan ya haɗa hoton da bayani a ƙasa, bayanin kan fito, tunda shi rubutu ne. Hoton da aka turo da tsarin kallo sau ɗaya kuwa, ko ba a goge shi ba sanarwa ba ta nuna abin da ke ciki.

Na huɗu ya turo shi da 11:05, lokacin datarka a kashe, ya goge da 11:07. Ka kunna data da 12:30. Saƙon da umarnin goge shi sun iso wayarka a tare, ko kuma umarnin kaɗai ya yi tasiri, don haka abin da za ka gani shi ne alamar gogewa. Rubutun bai samu zarafin zama sanarwa ba. Nan ne masu tallar manhajojin dawo da saƙo ba sa son a tsaya, domin babu manhajar karanta sanarwa da za ta karanta wadda ba a yi ba.

Na biyar ya fi sauran sarƙaƙiya. Da 2:00 na rana ka fito daga wurin da babu sabis, saƙonninsa huɗu suka afko a lokaci guda, tare da na wasu mutane. Bayan minti biyar ya goge na biyu a cikin huɗun. A saman allo, sanarwar hira ɗaya kan ɗauki saƙonni da yawa a jere, amma tarihin Android layi ɗaya yake cirewa daga kowace sanarwa, kuma idan sanarwar hira ce, saƙon ƙarshe yake ɗauka. Da a ce saƙonnin sun zo da tazara, kowanne zai zama na ƙarshe a lokacinsa, ya samu layinsa. Da yake sun zo a dunƙule, mai yiwuwa na huɗun kaɗai za ka samu, ko ma taƙaitawa irin "7 messages from 3 chats". Na biyun da kake nema ya bi ta tsakiya ya wuce. Wannan ne dalilin da ya sa dabarar ta fi ba da kunya a guruf mai yawan surutu.

Na shida ya shigo da 4:00 na yamma, ka ga sanarwar ka share ta da niyyar karantawa daga baya. Bai goge shi ba sai daren Talata da ƙarfe 10:00, wato bayan awa 30. WhatsApp ya ba shi wannan damar. Lokacin da aka fito da "Delete for everyone" a 2017 minti 7 kawai ake da shi, a 2018 aka ƙara zuwa awa ɗaya da 'yan mintuna, a 2022 kuma aka kai shi kwana biyu da ɗoriya. Tarihin sanarwa yana nan a awa 24 ɗinsa, kuma ƙirgensa daga shigowar saƙon yake farawa, ba daga gogewa ba. Kwafin ya zube tun 4:00 na yammacin Talata, awa 6 kafin a goge saƙon. Duk abin da aka goge bayan awa 24 da shigowarsa, wannan hanyar ba ta isa gare shi.

A cikin shidan nan, ɗaya ne aka samu cikakke. Ba don wayar ta lalace ba, haka tsarin yake.

Sauran wuraren da babu abin tsinta

Saƙon da kai ka tura ba ya cikin tarihi, domin waya ba ta sanar da kai maganarka. Wanda ya goge nasa saƙon bisa kuskure, ko ya share hira gaba ɗaya, ya nemi wata ƙofar: ko dai maɓallin Undo da ke fitowa na sakan 5 bayan "Delete for me", ko ajiyar bayanai da manhajar ta yi kafin gogewar. Hirar da ka jefa a Archived ba ta yin sanarwa sai an ambace ka ko an amsa maka, kuma wadda ka sa wa Mute ma galibi haka take. Hirar da aka kulle da Chat lock, wanda WhatsApp ya kawo a 2023, sanarwarta cewa kawai take yi akwai sabon saƙo, ba suna ba rubutu. Dogon saƙo kuma ana iya samun farkonsa a rasa ƙarshensa, saboda akwai iyakar haruffan da sanarwa ke ɗauka.

Akwai wani amfani da ba a cika ambata ba. Tun 2023 WhatsApp ya ba da damar gyara saƙo cikin minti 15 da tura shi, kuma a cikin hira kalmar Edited kawai ake gani, ba a nuna abin da aka fara rubutawa. Idan saƙon farko ya yi sanarwa, tsohon rubutun na iya kasancewa a tarihi. A ganina wannan ya fi kama saƙon da aka goge amfani, domin gyaran lamba ko rana a ɓoye ya fi jawo musu.

Manhajojin da ke alƙawarin fiye da haka

Manhajojin nan da ke cewa suna adana saƙonnin da aka goge, dukkansu a rijiya ɗaya suke ɗiba. Suna neman izinin da ake kira Notification access, a wasu wayoyin Device & app notifications, wanda ke ba su damar karanta kowace sanarwa da ta shigo. Abin da suka fi tarihin Android da shi biyu ne. Suna ajiyewa fiye da awa 24, kuma masu kyau a cikinsu suna kwashe duk saƙonnin da ke cikin sanarwa ɗaya, ba na ƙarshe kawai ba. Wato a misalinmu suna iya kama na biyar da na shida. Na biyu da na huɗu sun fi ƙarfinsu su ma. Waɗanda ke cewa suna dawo da hoto da murya, abin da suke yi shi ne gadin jakar da WhatsApp ke sauke fayiloli, su kwafe sabon fayil kafin a cire shi. Idan fayil ɗin bai gama sauka ba aka goge, ko ka kashe saukewa ta kai tsaye, babu abin kwafa.

Suna kuma mutuwa shiru. Tsarin tattalin batir na wayoyi da yawa kan kashe manhajar da ke aiki a bayan fage, ita kuma ba za ta gaya maka ba. Alamar ita ce giɓi a jerinta: sa'o'i sun wuce babu ko layi ɗaya alhali ka san saƙonni sun shigo.

Abin da ake biya kuwa yana da nauyi. Izinin ba ya tsayawa kan WhatsApp. Sanarwar banki, lambar sirri ta wucin gadi da ake turowa don shiga asusu, farkon imel, duk suna bi ta gaban manhajar, kuma kullewar da ke kare saƙo a kan hanya ba ta da amfani a nan, tunda an riga an buɗe shi. Google da kansa ya san haɗarin: a Android 13 ya tsaurara ba da wannan izini ga manhajojin da aka ɗora daga wajen kantin manhaja, a Android 15 kuma ya fara ɓoye lambobin wucin gadi daga manhajojin da ba a amince da su ba. Wayar da ba ta kai nan ba ba ta da wannan kariyar. Ni dai ban ga hikimar miƙa duk sanarwoyin waya ga wanda ban sani ba don in karanta "yi haƙuri, ba kai na yi niyyar tura wa ba". Su kuwa kwaikwayon WhatsApp irin su GB WhatsApp da ke ƙin bin umarnin gogewa, wata hanya ce daban, kuma kamfanin na iya dakatar da asusun mai amfani da su.

A matsayin hujja fa?

Wanda ya samu saƙon kuma yana da muhimmanci, ya ɗauki hoton allo nan take, domin agogon awa 24 na tafiya. Amma ya san ƙarfin abin da ke hannunsa. Sunan da ke jikin sanarwar shi ne wanda kai ka ajiye lambar da shi, kuma kowa na iya ajiye kowace lamba da kowane suna. Lokacin da aka rubuta na shigowar sanarwa ne a wayarka, wanda zai iya yin nesa da lokacin turawa idan ba ka kan layi. Ga shi layi ɗaya ne da aka cire daga tsakiyar magana. Abin da ke ƙara masa nauyi shi ne a haɗa shi da hoton hirar kanta, inda alamar gogewa take a daidai wannan lokacin, da shafin da ke nuna lambar mai saƙon.

Ta ɗaya fuskar, tarihin nan yana tona kai ma. Duk wanda ya riƙi wayarka a buɗe zai iya shiga Settings ya karanta abin da aka turo maka tun jiya, ko da ka sa wa WhatsApp kulle na yatsa, matuƙar sanarwoyin na fitowa da rubutu. Ɓoye rubutu a allon kulle ba ya magance wannan, don yana hana nunawa ne kawai kafin a buɗe waya, rubutun kuma ya riga ya isa hannun Android. Saƙonni masu ɓacewa da kansu ma suna iya barin sawu a nan. Maganin yana cikin manhajar da ke miƙa rubutun. A manhajar hira ta Signal, alal misali, ƙarƙashin Notifications akwai zaɓin Name only da No name or message, kuma wanda ya zaɓi ɗaya daga ciki ya hana rubutun fita tun daga tushe. Mai turawa kuwa ba shi da iko a kan saitin wayar wanda ya tura wa.

A iPhone babu shafin tarihin sanarwa da mai waya zai buɗe. Notification Center yana nuna sanarwoyin da ba a share ba ne kawai, idan manhaja ta janye tata ko kai ka share, ta tafi daga gabanka, kuma Apple ba ya barin wata manhaja ta karanta sanarwoyin wata. Duk manhajar da ta ce za ta yi maka wannan aikin a iPhone, ka yi kaffa-kaffa da ita. Abin da ke akwai shi ne Recently Deleted a cikin Messages tun iOS 16, wanda ke riƙe saƙonnin da kai ka goge na kimanin kwana 30. Bai shafi WhatsApp ba, bai kuma shafi saƙon da mai turawa ya janye ba.

Mai Android da ke son sanin halin tasa wayar, gwajin minti biyar ya ishe shi. Ya kunna tarihin, ya rufe WhatsApp, ya sa wani ya turo masa gajeren saƙo ya goge bayan minti ɗaya. Sai ya kashe data, a turo masa uku a jere, ya kunna su shigo tare, sannan a goge na tsakiya. Na ƙarshe, a turo dogon rubutu mai sakin layi uku a goge shi, ya duba tarihin ya ga a wace kalma aka datse.